Zuwa ga Auta: maganar kwas ɗin Gado da jita-jitar da ake yaɗawa a ajinku

Assalamu alaikum Auta, ya karatu, ya su Hajiya da mutan gida. Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, kuma na gane ba zaɓen kwas ne ya dame ka ba, maganganun da ake yi a ajinku ne. Wasu sun ce maka idan ka ɗauki kwas ɗin Gado da Wasiyya shi ke nan ka ɗaure kanka a kotun shari'ar Musulunci, Babbar Kotu ta fi ƙarfinka, wai har makarantar horas da lauyoyi za ta iya ƙin karɓarka. Wasu kuma sun ce a'a, ai da ka ci kwas ɗin nan ka samu tikitin zama Ƙadi. To duka biyun ba haka doka ta ce ba.

Ta farkon ma ba ta da wani tsawo. Abin da makarantar horas da lauyoyi ke dubawa shi ne digirinka daga jami'ar da aka amince da ita ne, kuma ka ci kwasa-kwasan dole irin su dokar tsarin mulki, dokar kwangila, dokar laifuka, dokar filaye, dokar shaida da dokar kamfanoni. Kwas ɗin zaɓi sunansa zaɓi. Ko reshen makarantar na Bagauda aka tura ka ko na Bwari, darussa biyar iri ɗaya kowa zai yi, kuma ranar da aka rantsar da kai lauya ne na Kotun Ƙoli, ka iya tsayawa a kowace kotu. Mu da muke karatu a waje mu ne ma masu ƙarin wahala, don sai mun fara yin zangon farko na dokokin Najeriya kafin a haɗa mu da ku, alhali kuɗin da aka kashe mana Allah kaɗai ya sani, amma dai bar wannan.

Ta biyun ce ke buƙatar zama. Ka buɗe kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 276 ƙaramin sashe na 3, nan aka faɗi wanda ya cancanci zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha. Ƙofa biyu aka buɗe. Ta farko ta lauya ce: ya kasance ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya, sannan yana da shaidar karatun shari'ar Musulunci da aka yarda da ita, daga makarantar da Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta aminta da ita. Ta biyu ba ruwanta da zama lauya kwata-kwata: mutum ya yi karatun shari'ar Musulunci a makarantar da NJC ta amince, ya riƙe shaidar shekara 10, kuma ko dai yana da gogewa sosai wajen aiki da shari'ar, ko kuma fitaccen malami ne a fannin.

Ka lura da inda lissafin shekara goman yake farawa, don nan ne mutane suke rikicewa. A ƙofar farko daga ranar rantsuwarka ake ƙirgawa, takardar shari'ar ba a sa mata shekaru ba. Mu ɗauka ka gama a 2027, an rantsar da kai a 2028. Shekara gomanka za ta cika a 2038. Idan a 2035 ka je ka yi difloma ko digiri na biyu a shari'ar Musulunci a makarantar da aka aminta da ita, a 2038 ka cika sharaɗi, ba wanda zai ce sai takardar ta tsufa. Shi kuma abokinka da ya yi digirin shari'ar Musulunci zalla ya gama a 2027, bai taka makarantar lauyoyi ba, nasa agogon daga takardarsa yake farawa, 2037 ya cika, sai dai dole ya nuna gogewa ko malunta. Kuma cika sharaɗi ba naɗi ba ne, gwamna ne ke naɗawa bisa shawarar NJC, kujerun kuma 'yan kaɗan ne.

To kwas ɗaya na zango biyu a cikin tiransikirif ɗinka ya isa a kira shi shaidar karatun shari'a? Ni dai ba zan gina rayuwata a kan haka ba. Kundin ya yi maganar shaida da mutum ya samu daga makaranta, abin da za ka ɗaga ka nuna ke nan, kamar na waɗanda suka yi digirin lauya da ya haɗa da shari'ar Musulunci a BUK ko ABU Zariya. Gaskiya ni ma yadda aka rubuta wurin bai yi min ba, an bar komai a hannun NJC ba tare da an ce digiri ko difloma ba, kuma irin wannan ɓoyon, yaron da ba shi da kowa a sama yake cutarwa, don shi ne ba zai san me ake karɓa ba sai ya makara. Wannan jimlar ce dai aka sake maimaitawa a sashe na 288, inda ake neman masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da shekara 12, Kotun Ƙoli kuma shekara 15.

Saboda haka in za ka ɗauki Gado, ɗauke shi don aikin da zai yi maka a Kano, kuma aikin ba kaɗan ba ne. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, bayan an biya bashi da wasiyya saura naira miliyan 24. Matar tana da sumuni, miliyan 3. Mahaifiya sudusi, miliyan 4. Ragowar 17 a kasa biyar, macen ta ɗauki miliyan 3.4, kowane namiji 6.8. Wannan lissafin ko malamin zaure zai yi maka shi. Inda ake neman lauya shi ne ranar da ƙanen mamacin ya miƙe ya ce gidan nan na Kurna ba na gado ba ne, shi ya saye shi tun mamacin na raye. Sashe na 277 ya taƙaita hurumin kotun Ƙadi ga aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado da makamantansu. Da rigima ta koma ta waye mai gida ta hanyar ciniki, ɗaukaka ƙarar ba ta wurin Ƙadi ba ce, Babbar Kotu ta nufa, kuma lauyan da ya kai ta inda ba huruminta sai a yi shekaru ana shari'a sannan kotun sama ta rushe komai, marayu su koma farko. Wanda ya haɗa Gado da dokar filaye shi yake hango wannan tun daga takardar farko.

Ɗaya kwas ɗin da kake tunani, dokar ƙwadago, ba laifi, amma za ka iya kama ta daga baya da karatun kanka, shi kuwa Gado sai da malami da alli da yawan lissafi, musamman in an zo kan hajabu, wato yadda wani magaji ke tare wani, da auli, wato rage wa kowa rabo idan kason magada ya zarce dukiyar. Abu ɗaya kawai, ka tambayi 'yan aji na gaba ko malamin da Larabci yake kawo matanin a jarrabawa, don na san Larabcinka tun islamiyyar unguwa bai ƙara gaba ba, kar ka je ka ja wa makinka. Ka turo min hoton jerin kwasa-kwasan kafin a rufe rajista, kuma ka ce wa Hajiya zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a nan.

Yayanka.