Ƙa'idar kulle ajiya wajen mayar da Apple Watch kan sabuwar waya

Tarihin motsa jikin da Apple Watch yake tattarawa, wato gudu da tattaki da bugun zuciya, ba a cikin agogon yake dawwama ba. Agogon yana miƙa shi ga wayar iPhone da aka haɗa su, kuma a can ne yake zama, cikin manhajar Health. Haka ma saitunan agogon, irin su fuskokinsa da tsarin manhajojinsa da yadda sanarwa take shigowa, wayar ce take riƙe da kwafinsu. Saboda haka, wanda zai sauya waya ya san cewa ajiyar tsohuwar wayar, wato kwafin bayananta, ita ce abin kula, ba agogon da ke hannunsa ba.

Ƙa'idar da kamfanin Apple ya kafa ita ce, bayanan lafiya da na motsa jiki ba sa shiga ajiyar da aka yi a kwamfuta sai idan an kulle ajiyar da kalmar sirri. Dalili kuwa shi ne, waɗannan bayanai sirrin jikin mutum ne, kuma ajiyar da ba a kulle ba duk wanda ya hau kwamfutar yana iya buɗe ta. A ganina ƙa'idar tana da hujja, amma illarta ita ce ajiyar da ba a kulle ba takan kammala lafiya lau, har mutum ya ɗauka cewa komai ya shiga.

A ɗauka wani ya yi shekara uku yana fita tattaki bayan sallar asuba, sai ya tashi yin musayar wayarsa da sabuwa. Ya haɗa tsohuwar da kwamfuta, ya yi ajiya ta manhajar Finder ko iTunes, amma bai zaɓi Encrypt local backup ba, wato zaɓin kulle ajiyar, kuma Health ɗinsa ba a kunne yake a iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, ba. Da ya sauke ajiyar a sabuwar waya zai tarar da hotunansa da lambobinsa da saƙonninsa, sai dai idan ya buɗe manhajar Fitness mai nuna tarihin motsa jiki zai ga babu ko kwana ɗaya na waɗannan shekaru uku. Idan tsohuwar wayar tana hannunsa ba a goge ta ba, gyaran mai sauƙi ne: ya sake yin ajiyar a kulle, ko ya kunna Health a iCloud. Idan kuwa an riga an goge ta an sayar, tarihin ya tafi ke nan. Wanda ya kulle ajiya kuma ya rubuta kalmar sirrin a wuri amintacce, domin ba a sauke ajiyar sai da ita.

Hanyar iCloud ta fi sauƙi ga mafi yawan mutane. A shiga Settings, a taɓa sunan mai wayar, a shiga iCloud, a tabbatar Health a kunne yake, sannan asusun ya kasance yana da tantancewa mai mataki biyu. Wurin ajiya na kyauta gigabayit 5 ne kawai, amma tun daga iOS 15 ana ba mai sauya waya ƙarin wuri na wucin gadi har kwana 21, ta Settings, General, Transfer or Reset iPhone.

Game da agogon kansa, ƙa'idar ita ce ba ya haɗuwa da waya biyu a lokaci guda. Idan an sauke ajiyar a sabuwar waya agogon yana kusa, wayar takan tambaya ko za a ci gaba da amfani da shi. Idan ba ta tambaya ba, sai a koma tsohuwar wayar, a buɗe manhajar Watch, a shiga All Watches, a taɓa alamar i da ke gefen agogon, a zaɓi Unpair Apple Watch. Wannan rabawar tana yin sabon kwafin saitunan agogon a cikin wayar, don haka bayan an raba su ne ya kamata a yi ajiyar wayar da za a sauke a sabuwar, in ba haka ba kwafin ƙarshe ba zai bi ta ba. Daga nan, wajen haɗa agogon da sabuwar waya, sai a zaɓi Restore from Backup. Rabawar tana neman kalmar sirrin asusun Apple, domin da ita ake cire Activation Lock, kullen da ke hana ɓarawo amfani da agogon.

Akwai abubuwan da ba sa dawowa ko an bi duk waɗannan matakai: lambar buɗe agogon, da katunan Apple Pay, da na'urorin Bluetooth da aka haɗa, duk sai an sake shigar da su. Kafin a goge tsohuwar waya, a buɗe Fitness a sabuwar, a koma baya zuwa watannin farko a ga ko suna nan, a kuma ba iCloud lokaci a kan Wi-Fi, domin tarihin shekaru ba ya sauka nan take.