Mako huɗu kafin jarrabawar dokar gudanarwa: yadda za a raba lokaci

Saura mako huɗu in zauna jarrabawar dokar gudanarwa. Ta ina zan fara?

Fara da lissafi: awa 3 a rana, kwana 6 a mako, zai ba ka awa 72. Makon farko na tushen iko ne, wato inda hukuma take samo hurumin ɗaukar mataki, da ƙa'idojin da majalisa ke wakilta wa minista ya tsara, da abin da ke biyowa idan jami'i ya wuce iyakar ikonsa. Kada wannan ya ci fiye da awa 18, domin kai tsaye ake yin yawancin tambayoyinsa.

Wane sashe ne ya fi cancantar lokaci?

Bitar da kotu ke yi wa matakan hukuma, kuma ni a ganina ta cancanci mako na biyu gaba ɗaya da rabin na uku, wato awa 27. Bi dalilai ukun soke matakin hukuma da alƙali Diplock ya jera a 1984 a shari'ar GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya: saɓa wa doka, rashin hankali a hukunci, da karya ƙa'idar bin mataki. Ka ba kowanne kwana uku. A ranar farko ka karanta ƙa'idar, a ta biyu ka taƙaita shari'o'inta, a ta uku ka rufe littafi ka amsa tambaya a rubuce.

Wajen taƙaitawar ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, saboda suna haddace suna su bar sakamako. A shari'ar Wednesbury ta 1948 hukumar garin ce ta yi nasara, kotu ta ƙi soke sharaɗin hana yara 'yan ƙasa da shekara 15 shiga silima ranar Lahadi. A Ridge da Baldwin ta 1964 kuwa, an soke korar shugaban 'yan sandan Brighton domin ba a saurare shi ba.

Ragowar kwana ukun mako na uku na umarnan kotu ne, na sokewa da na tilastawa da na hani, tare da batun wanda ke da hurumin shigar da ƙara.

Me zan yi a makon ƙarshe?

Kada ka buɗe sabon babi. Ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi biyu a rana, kowacce cikin minti 45, sauran lokacin ka gyara. A ce wani kwamiti ya ƙwace lasisin wani ɗan kasuwa ba tare da sanarwa ba, kuma shugaban kwamitin abokin gasarsa ne. Amsarka ta fara da ko doka ta ba kwamitin wannan iko, sannan rashin sauraro, sannan zargin son kai, daga nan ta nemi umarnin sokewa. Idan minti 45 suka cika ba ka kai ga umarnin ba, gabatarwarka ce ta yi tsawo, sai ka rage ta zuwa jimla biyu a gwajin gobe.