Lol, brb da EOD: wanne ya dace da wurin aiki?

Malam, ban daɗe da fara aiki ba, an kuwa saka ni a zauren WhatsApp na ofishinmu. Kullum sai in ga lol, brb, FYI, EOD, ban san ma'anar rabinsu ba. Me suke nufi, kuma wanne zan iya rubuta wa shugabana?

Ɗan'uwa, abin zai zo maka da sauƙi idan ka raba su gida biyu. Gida na farko shi ne na waɗanda ke nuna halin da mai rubutu yake ciki, kamar dariya ko mamaki ko takaici, kuma waɗannan na hirar abokai ne. Gida na biyu shi ne na waɗanda ke ɗauke da bayanin aiki, wato abin da ake so a yi da lokacin da ake so a yi shi, kuma su ne ofis ya saba da su tun kafin wayar salula ta zo.

A gida na farko, lol haruffan farko ne na "laughing out loud", wato ina ƙyalƙyala dariya, ko da yake mafi yawan masu rubuta shi ko murmushi ba su yi ba, suna dai sassauta magana ne don kada ta yi kaushi. Shi brb daga "be right back" yake, wato yanzu zan dawo, omg kuma kalmar mamaki ce mai kama da "wayyo Allah", smh na nufin ina girgiza kai don takaici, idk kuwa ban sani ba. A gida na biyu, FYI na nufin ga wannan don ka sani, ba a neman ka yi komai a kai. ASAP na nufin da gaggawa gwargwadon iko, ETA lokacin da ake sa ran isowar mutum ko kaya, TBC abin da ba a tabbatar ba tukuna, OOO ba na ofis, EOD da COB kuma ƙarshen yini da lokacin tashi daga aiki.

Ga shugabanka, ka tsaya a gida na biyu, kuma ko a cikinsa ka yi amfani da wanda ka ga shi kansa yana rubutawa.

Me ya kawo taƙaita kalmomin tun farko? Ba lalaci ba ne kawai?

Akwai lalaci a ciki yanzu, amma asalinsa matsi ne. Saƙon tes ba ya ɗaukar fiye da harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma haka tsarin yake tun da aka aika saƙo na farko a Birtaniya ranar 3 ga Disamba, 1992. Da wayar salula ta bazu a Najeriya daga 2001, kowane saƙo da kuɗinsa, wayoyin kuma masu madannai ne, inda sai ka danna lamba 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito. Wanda ke rubutu a wannan hali dole ya datse kalma.

Mu masu rubuta Hausa matsin ya fi ƙarfi a kanmu, domin haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan da aka tsara wa saƙon tes. Da zarar ɗaya ya shiga, wayar takan koma wani tsari da ba ya ɗaukar fiye da harafi 70, sai saƙo mai harafi 150 da ya kamata ya tafi a matsayin guda ɗaya ya rabu uku, a caje ka kuɗin uku. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane suka saba barin lanƙwasa, suka kuma ƙirƙiro slm, ykk, lfy da ngd a madadin sallama, yaya kake, lafiya da na gode. Shi brb kuwa ya fito ne daga zaurukan hira na kwamfuta irin IRC, wanda aka ƙirƙira a Finland a 1988, inda kowa ke zaune gaban allo a lokaci guda, don haka wanda zai tashi sai ya sanar. WhatsApp ba ya ƙirga maka harafi, saboda haka uzurin tsada ya ƙare, abin da ya rage sabo ne.

To lol fa? Na ga har manya suna rubuta shi.

Suna rubutawa, kuma kalmar ta samu shiga har babban ƙamus na Oxford ya karɓe ta a 2011. Matsalarta ita ce ba kowa ke karanta ta da ma'ana ɗaya ba. A 2012, wajen binciken Leveson kan ɗabi'un 'yan jarida a Birtaniya, 'yar jarida Rebekah Brooks ta bayyana cewa Firaministan wancan lokaci David Cameron yakan rufe saƙonninsa gare ta da LOL bisa zaton tana nufin "lots of love", wato da ƙauna mai yawa, har sai da ta faɗa masa ainihin ma'anarta. Idan wanda Turanci ne harshen uwarsa ya yi wannan tuntuɓe, ka auna abin da zai faru idan wani mai irin wannan zato ya saka ta a ƙarshen saƙon ta'aziyya a zauren ma'aikata.

Tsakaninka da abokin aiki tsaranka, a saƙon ku biyu, ba na ganin laifinta. Amma a zauren da shugaba yake, ko a wasiƙar imel, ka bar ta, musamman bayan an yi maka gyara, domin "na manta lol" yana nuna kamar ba ka ɗauki kuskuren a bakin komai ba. Akwai kuma waɗanda ba su da wuri a ofis ko kaɗan, irin su lmao da wtf, domin idan aka warware haruffansu akwai kalmar batsa ko ashar a ciki, matasa da yawa kuwa suna rubuta su ba tare da sanin abin da ke ƙunshe ba. Kada ka rubuta taƙaitawar da ba za ka iya warware ta a gaban mutane ba.

Shi brb yana da amfani a wuri ɗaya, wato lokacin taron bidiyo, idan za ka ɗan tashi ba ka son katse mai magana. Ko a nan ma "zan je salla, zan dawo ƙarfe biyu da kwata" ya fi shi, tun da ya faɗi lokaci.

Ke nan na gida na biyu ba su da wata matsala?

Suna da ita, kuma tasu ta fi tsada, domin dariyar da aka yi ba a muhallinta ba kunya kawai take jawowa, amma wa'adin da aka fahimta ba daidai ba asarar aiki yake jawowa. Bari in ba ka abin da ya faru a wani ofis da na yi aiki a Kano. Wata Juma'a a watan Janairu, da misalin ƙarfe goma na safe, shugabar sashenmu ta tura wa wani matashin ma'aikaci takardar kasafi tare da wannan layi:

```
FYI, pls review ASAP. Need by EOD.
```

Matashin ya ga FYI a farko, ya ɗauka sanarwa ce kawai, ya ajiye ta gefe. Da ya sake dubawa bayan masallaci ya lura ana neman ya duba takardar, sai ya fassara EOD da ƙarshen yini na agogo, wato sha biyun dare, ya tsara zai yi aikin a gida bayan isha'i. Ita kuwa shugabar tana nufin ƙarfe huɗu na yamma, domin tana so ta karanta gyaransa kafin ta aika wa abokan hulɗa a Landan, waɗanda ke tashi ƙarfe biyar nasu. A watan Janairu Landan tana bayan Najeriya da awa ɗaya, don haka biyar ɗinsu shida ce a Kano, ta kuwa ware wa kanta awa biyu a tsakani. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon biyu daidai suke, abin da ke ƙara rikita wanda bai saba ba. Gyaran ya iso ƙarfe goma na dare, takardar ta kwana har Litinin.

Idan ka duba layin, ban da pls mai nufin don Allah, taƙaitawa uku ne a ciki kuma kowace tana ja wani ɓangare. FYI ta ce ba a neman komai, ASAP ta ce a bar komai a yi wannan, EOD ta ce akwai sauran lokaci, amma ba ta faɗi ƙarfe nawa ba, ba ta kuma faɗi agogon wane gari ba. A ganina laifin shugabar ya fi na matashin, ko da yake shi ma tambaya ɗaya ta ishe shi. Da ta rubuta "Don Allah ka duba lissafin shafi na uku, ka dawo mini da shi yau kafin ƙarfe huɗu agogon Kano", da babu abin da zai faru, kuma bai fi daƙiƙa goma ba zai ƙara mata. Alamar da za ka gane saƙo yana da irin wannan rauni ita ce ka karanta shi ka tambayi kanka ko za ka iya saita ƙararrawar waya da shi. Idan ba za ka iya ba, ka mayar da amsa da adadi, ka ce "Ranki ya daɗe, zan kawo kafin ƙarfe huɗu, ya yi?"

Namu na Hausa fa, irin slm da ngd?

A nan na fi tsanantawa, domin gaisuwa a wurinmu ita ce ma'aunin ladabi. Babba da ya buɗe waya ya ga slm daga ƙaramin ma'aikaci zai ji kamar an yi masa sallama daga bakin ƙofa ana tafiya, ga shi kuma malamai da dama ba sa son a datse sallama ko salatin Annabi zuwa haruffa. Rubuta "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe" cikakke, sannan ka shiga maganar aiki a cikin saƙon nan ɗaya, maimakon ka aika gaisuwa ka zauna jiran amsa. Haka kuma kada ka amsa umarnin shugaba da k ko kk, domin na farko yana kama da gatse, na biyu kuma wani zai karanta shi "kake" ko "kike". "To, na gani" ya wadatar.

Muna hulɗa da 'yan kasuwa a Maraɗi da Damagaram. Su ma waɗannan suke amfani da su?

Ba lallai ba, domin wanda ya yi boko a Nijar taƙaitawarsa daga Faransanci take fitowa. A wurinsu mdr ce ke tsaye a matsayin lol, rdv alƙawarin haɗuwa ne, slt gaisuwa ce, stp da svp kuma duka "don Allah" suke nufi, sai dai ta farko ta tsara ce, ta biyu ta girmamawa. EOD da COB ba za su ce musu komai ba, kamar yadda rdv ba za ta ce maka komai ba a karon farko. Tun da Hausa ta haɗa ku, kuma agogon Najeriya da na Nijar ɗaya ne, ka rubuta musu rana da ƙarfe da adadin kaya da Hausa cikakkiya.