Ruwan Agusta ba ya nufin fari ya ƙare

An daɗe ana ɗauka a ƙauyukan Kano da Jigawa cewa da zarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta, to fari ya wuce. Wannan kuskure ne, domin masana yanayi suna auna fari ne ta hanyar kwatanta ruwan da aka samu da wanda wurin ya saba samu a daidai wannan lokaci, bisa bayanan aƙalla shekara 30.

Sanannen ma'auni shi ne SPI, wato lambar da ke nuna yadda ruwan sama ya ƙaru ko ya ragu a kan yadda aka saba, wanda aka ƙirƙiro a 1993. Sifiri na nufin ruwa ya zo yadda aka saba, -1 matsakaicin fari, -2 kuwa fari mai tsananin gaske. Ana lissafa shi a kan wata 1, 3, 12 ko fiye, kuma kowanne da abin da yake nunawa.

A ce wani ƙauye kusa da Gumel ya yi damina biyu marasa ƙarfi, sannan Agustan bana ya cika da ruwa. Ma'aunin wata 1 zai haura sifiri, gero ya farfaɗo ya yi kore shar, amma na wata 24 zai iya zama ƙasa da -1, shi ya sa guga ke ci gaba da nisa a rijiya, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa a hankali yake dawowa.

Sai dai SPI jimillar ruwa kawai yake gani. Idan ruwan wata guda ya zuba cikin kwana uku, sannan ya ɗauke mako uku lokacin da gero ke fitar da kai, ma'aunin zai nuna lafiya lau alhali gona ta ƙone.