Ma'anar "bidi": ajami da boko a takarda guda

Masu tsara takardu a kwamfuta suna cewa rubutu "bidi" ne in yana tafiya ɓangare biyu: Larabci ko ajami daga dama zuwa hagu, Faransanci ko boko daga hagu zuwa dama. Ƙa'idar Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ita ce ke raba wa kowane harafi alkiblarsa. Harafin Larabci ya san inda ya dosa, na boko ma haka. Amma aya, waƙafi, baka da fili tsakanin kalmomi ba su da alkiblar kansu, maƙwabtansu suke bi. In maƙwabtan sun saɓa, sai su bi alkiblar sakin layin gaba ɗaya. Nan ɓarna take farawa.

Mu ce a Tawa an kawo maka takardar gayyatar walimar saukar Alƙur'ani, Larabci a sama, Faransanci a ƙasa. Ka rubuta Larabcin, ka tura shi dama da maɓallin jera layi, ka ga ya zauna. Bai zauna ba. Ka matsar da shi ne kawai, sakin layin yana nan a matsayin na boko. Alamar ita ce ayar ƙarshe: za ta fito a hannun dama, wajen farkon jimla, maimakon hagu. A Word, in an sa Larabci cikin harsunan na'urar, `Ctrl` da `Shift` na hannun dama ke juya alkiblar sakin layi. A manhajar tsara takardu ta InDesign kuwa sai an zaɓi `Adobe World-Ready Paragraph Composer`, in ba haka ba haruffa su fito a warwatse, kuma a juye.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar waya, don ido ba ya kama kuskurenta. Lambobinmu na Nijar takwas ne, muna rubuta su bibbiyu da fili tsakani. Cikin layin Larabci, kowane biyu na tafiya daga hagu zuwa dama daidai, amma filin da ke tsakaninsu yana bin Larabcin. Sai wanda ya buga 00 11 22 33 ya ga 33 22 11 00 a takarda. Lamba ce mai kyan gani, sai dai mai kira ba zai samu mai walima ba.

Maganin da na fi yarda da shi: a ba lambar layinta ko akwatinta daban, mai alkiblar hagu zuwa dama. In dole ta zauna cikin jimlar Larabci, a sa alamar `LRM`, wato harafi mai lamba `U+200E` a Unicode, dab da farkonta. Ba a ganinta a takarda, amma tana sa lambar ta jeru kamar boko.

Kafin a kai gidan bugu, a fitar da PDF, a ba malamin da ya kawo rubutun ya karanta Larabcin da baki, wani kuma ya danna lambar daga takardar ya ji wayar wa za ta yi ƙara.