Mi ake nufi da "bayanan budje", kuma mi ake rubutawa a ciki?

Duk wanda ya taɓa kai budje gaban masu ba da tallafi ko gaban babban taron ƙungiya ya san tambayar nan: to ina bayanan? Bayanan budje su ne shafi ɗaya ko biyu da ke bin bayan tabulon lambobi, inda ake faɗa da baki abin da lamba ba ta iya faɗa, wato yadda aka ƙirga kuɗɗin, inda za su fito, da kuma wane kuɗɗi ne aka ɗaure ma ƙafa. Mu nan Maradi ƙungiyoyi da yawa suna tsallake wurin nan ko su kwafo na wata ƙungiya, kuma wallahi daga nan rigima ke farawa, don jimillar da ke ƙasan tabulo ba ita ce kuɗɗin da za ku iya taɓawa ba.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyar mata ce mai bankin cimaka a wani ƙauye wajen Tibiri, suna sayen hatsi da kaka su saida ma mambobi da rahusa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Budjen shekara ya nuna shigar kuɗɗi sefa 10,759,570. Aka karanta a taro aka yi guɗa. To bari mu ga abin da bayanai za su ce.

Na farko shi ne tsarin lissafi. Hanya biyu ce. Akwai lissafin kuɗɗi a hannu: ba ka rubuta komi sai ranar da kuɗɗi suka shiga kes ko banki, ko ranar da suka fita. Akwai kuma lissafin da ke ƙirga bashi: ranar da kaya suka iso aka ba ku faktir, ranar ake rubutawa ko da ba a biya ko dala ba. A ce ƙungiyar ta ɗauko hatsi na sefa 600,000 wajen ɗan kasuwa a Disamba, sai Janairu za a biya shi. A hanya ta farko wannan 600,000 ba ya cikin shekarar bana sam, sai a ga kamar an samu rara, alhali hatsin na cikin magaza kuma mai shi na jiran kuɗɗinshi. A hanya ta biyu yana cikin bana, an rubuta shi bashi. Saboda haka jimla ɗaya ta isa amma dole a rubuta ta: "An tsara wannan budje bisa kuɗɗin da suka shiga da waɗanda suka fita, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, kuma akwai bashin hatsi na sefa 600,000 da ba ya cikin tabulo." Ba son rai ba ne kawai, tun 1 ga Janairun 2024 ƙasashen OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, har da Nijar, suna da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, SYCEBNL, wanda ginshiƙinshi shi ne lissafin da ke ƙirga bashi, ƙananan ƙungiyoyi ne aka sassauta ma su yi na kuɗɗi a hannu. Sai ku tambayi kontabul ɗinku wane ne ya hau kanku. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gauraya, a ƙirga kuɗɗin da kuke bin mutane a matsayin shiga amma a ɓoye wanda ake bin ku.

Kuma a faɗi cewa lambobin da faran aka rubuta su. Mu a baki dala muke ƙirgawa, 500 da ke kan takarda ita ce dala ɗari, in mai karantawa a taro bai kula ba sai tsohuwa ta tafi gida da lissafin da ya ninka sau biyar.

Na biyu, ina kuɗɗin za su fito. A nan kowane tushe layinshi daban, kuma a ce wane ne tabbas wane ne fata. Wata ƙungiya ta waje ta sa hannu a kan yuro 10,000, shi ne sefa 6,559,570, tunda yuro ɗaya 655.957 ne kuma ba ya motsi. Da dalar Amurka ce ko naira, dole a rubuta canjin da aka yi amfani da shi da ranar, kowa ya san yadda naira ke yi ma masu sayayya ta Jibiya. Sannan kuɗɗin ba gaba ɗaya suke zuwa ba, kashi 70 farko, sauran 30 sai an karɓi rapor da resi-resi, to a rubuta haka don kar a tsara sayen hatsi da kuɗɗin da ba su iso ba har farashi ya tashi. Kotizasiyo: mata 200, sefa 500 a wata, 1,200,000 kenan a takarda, amma bara 900,000 aka tara, sai a faɗa. Cinikin hatsi miliyan 2. Sai miliyan 1 da meri ta yi alƙawari da baki, babu takarda. Ni a ganina irin wannan bai ma kamata ya shiga jimilla ba, a aje shi gefe a ce ana jira, in kuma an sa shi to a rubuta ɓaro-ɓaro wane aiki ne za a jingine in bai zo ba.

Na uku shi ne ya fi cin mutane, ƙa'idar da ke kan kuɗɗin. Yarjejeniyar masu tallafi ta ce hatsi da buhunna kawai za a saya, kashi 10 cikin ɗari ne aka yarda a yi hidimar biro da shi, wato 655,957, kuma abin da ba a kashe ba zuwa ƙarshen wa'adi a maido. Cinikin miliyan 2 shi ma dokar ƙungiya ta ce jari ne, hatsi za a sake saye da shi. To mi ya rage? 900,000 na kotizasiyo da 655,957, wajen miliyan ɗaya da rabi ke nan cikin kusan miliyan 11. Daga ciki ne za a biya mai gadi, mai magaza, esansin moto da hayar ɗaki. In ba a rubuta wannan ba, ranar da rufin magaza ya fara yoyo shugaba za ta ce ai akwai kuɗɗi a banki a ɗebo, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa, ba sata ba ce, amma in masu bincike suka zo za su ce wannan kashewa ba ta halatta ba, a maida kuɗɗin, ƙila ma a riƙe kashi 30 da suka rage. Sai a fara kallon ma'ajiya da wani ido alhali takardar ce ba ta yi magana ba. Wannan abin yana ci mani rai ƙwarai, don mutuncin mace guda ne ke zubewa a gari.

Shi ya sa kowane kuɗɗi mai ƙa'ida a rubuta wa ya ɗaure shi, a kan mi za a kashe, zuwa yaushe, da abin da za a yi da saura. In yarjejeniya ta yarda a matsar da kuɗɗi daga wani layi zuwa wani, a rubuta iyakar da kuma wanda za a nemi izini wajenshi, a rubuce ba ta waya ba. Kuma a bambanta ƙa'idar mai ba da kuɗɗi da wadda ƙungiya ta aza ma kanta: ta biyun babban taro na iya kwance ta, ta farkon ko duk mambobi sun ɗaga hannu ba ta kwantuwa.

Kafin ku miƙa, ku tara lambobin da ke cikin bayanai ku ga ko sun yi daidai da na tabulo, don sau da yawa ana gyara tabulo a manta da bayanai. Sannan ku ba wata mamba da ba ta cikin biro ta karanta, ku tambaye ta: Hajiya, in rufi ya yi yoyo gobe, nawa za mu iya taɓawa? In ta ce miliyan 10, a koma a sake rubutu.