Zanen gudu da ƙarfin murɗa na injin lantarki

Zanen gudu da ƙarfin murɗa layi ne da ke nuna yawan ƙarfin da injin lantarki mai layin wuta uku yake bayarwa a kowane gudu, tun daga tsaye har ya kusa gudun maganaɗisunsa. Ana sa gudu a kwance, ƙarfi a tsaye, galibi a matsayin kaso na ƙarfin cikakken aiki.

A gefen hagu, inda gudu yake sifili, akwai ƙarfin tashi, wanda takardun masana'anta kan rubuta LRT. Shi ne abin da injin ke iya yi kafin sandarsa ta motsa, kuma a lokacin yana jan wuta kusan ninki 6 zuwa 7 na wadda ya saba ja. Daga nan layin kan ɗan lotsa. Ƙasan wannan lotsawa shi ne PUT, mafi ƙarancin ƙarfi a hanyar hawa. Sai ya haura ƙololuwa, wato BDT, kusa da cikakken gudu. Kayan da ya fi wannan nauyi zai tsayar da injin ko yana cikin aiki.

Ba a karanta zanen shi kaɗai. Ana ɗora layin kaya a kansa, wato layin ƙarfin da abin da injin zai juya yake nema, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke ƙara gudu. Fanka da famfon ruwa mai farfela ba su da wahalar tashi, domin buƙatarsu tana farawa ƙarama. Injin niƙa da aka tsayar da hatsi a cikinsa, ko bel ɗin jigila cike da kaya, suna neman ƙarfi mai yawa tun daga juyin farko.

A ɗauki inji mai 7.5 kW da ke gudun 1450 rpm a wutar 50 Hz. Cikakken ƙarfinsa shi ne `9550 × 7.5 ÷ 1450`, kusan 49 Nm. A ce takardarsa ta ba da LRT 200%, PUT 140%, wato 98 da 69 Nm, kayan kuma suna neman 59 Nm duk tsawon hawan. A 400 V, wato cikakkiyar wutar injin, babu matsala. Amma ƙarfin murɗa yana bin murabba'in ƙarfin wuta: idan doguwar waya ko ƙaramin janareta ya sauke ta zuwa 360 V, saura 81%. LRT ya koma kusan 80 Nm, PUT kuwa 56. Injin zai motsa, sannan ya maƙale a ƙaramin gudu yana gurnani, amfiya ba ta sauka, har na'urar kariya ta yanke ko wayoyin ciki su ƙone. Mai duba LRT kaɗai ba zai hango wannan ba.

Tashin sita-delta, wato kunna injin da ragaggiyar wuta kafin a ba shi cikakkiya, yana ƙara dagula lamarin, don yana rage ƙarfin zuwa kashi ɗaya cikin uku. Irin waɗannan kaya masu wahalar tashi sun fi dacewa da inji mai ƙarfin tashi sosai, wato ajin C a ƙa'idar NEMA ta Amurka ko ajin H a ƙa'idar IEC ta duniya, da waya mai kauri, da kuma kwashe hatsin kafin a kunna. A auna wutar a bakin injin lokacin tashi, domin awon da aka yi injin yana a kashe ba ya nuna faɗuwar.